Abin da Ake Dubawa Kafin Sakin Manhajar Waya

Manhajar Android ba ta shiga waya sai da sa hannun mai ita, kuma da wani makulli na sirri ake sa wannan hannu. Idan sabon zubi ya zo, wayar takan gwada sa hannunsa da na wanda ke cikinta. In sun saɓa, sai ta ƙi karɓa. Shi ya sa a da, wanda ya ɓatar da makullinsa ya rasa hanyar sabunta manhajarsa har abada. Tun watan Agustan 2021 Google Play ya wajabta wa sababbin manhajoji tsarin AAB, inda makulli ya zama biyu: na ainihi yana hannun Google, mai manhaja kuma yana riƙe da na ɗorawa. Wannan na biyun idan ya ɓace ana iya neman sauya shi ta Play Console, amma duk da haka ajiye shi cikin rumbun lambobin manhaja, inda kowane ma'aikaci ke gani, ganganci ne.

Sai lambar zubi, ita ma biyu ce:

```
versionCode 41
versionName "2.3.0"
```

Ta ƙasa ita jama'a ke gani, kuma mai manhaja ya ga damar yadda zai rubuta ta. Ta sama ita shagon ke lissafi da ita. Dole ta ƙaru a kowane zubi, kuma lambar da aka taɓa ɗorawa ba a maimaita ta.

Wajen miƙawa, ana cike fom ɗin Data safety da ke bayyana irin bayanan da manhajar ke tattarawa. Idan sai da kalmar sirri ake shiga, a bai wa masu tantancewa asusun gwaji mai aiki, domin rashinsa kaɗai na iya sa a dawo da manhajar.

Bayan amincewa, ba a sakar wa kowa sabon zubi lokaci guda. A ce an fara da kashi 5 cikin ɗari na masu amfani, washegari Android vitals ya nuna 2.3.0 yana mutuwa a wasu tsofaffin wayoyi da zarar an buɗe kyamara. Sai a dakatar da rabon nan take. Sai dai dakatarwa tana kare waɗanda bai kai gare su ba ne kawai. Wanda ya riga ya sauke yana nan da shi, don waya ba ta komawa ƙaramar lamba. Mafita ita ce a gyara, a fitar da 2.3.1 mai versionCode 42. Ko da tsohon zubin mai lafiya ake son mayarwa, sai an sake haɗa shi da lambar da ta fi 41.

A App Store na Apple kuwa jadawalin a tsare yake, kwana 7: kashi 1, 2, 5, 10, 20, 50, sannan 100. Ana iya tsayar da shi har jimlar kwana 30, amma sabuntawar da waya ke yi da kanta kaɗai ya shafa. Wanda ya shiga shagon ya nema da hannunsa zai samu tun ranar farko.