Kalmar "In Ban Da" a Rahoton Odita: Abin da Mai Kamfani a Zuru Ya Kamata Ya Gane

Mai kamfanin hatsi a Zuru da ya je banki neman rance zai ga jami'in ya tsallake shafukan lissafi, ya fara neman sakin layi ɗaya: ra'ayin odita, wato mai binciken kuɗi daga waje. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajibcin ɗaukar odita, amma wanda cinikinsa ya haura naira miliyan 120 a shekara ya fita daga wannan sahu.

Ra'ayi marar sharaɗi shi ne mai tsabta. Odita ya ga isasshiyar hujja, ya gamsu cewa lissafin ya nuna ainihin halin kamfanin. Ra'ayi mai sharaɗi kuwa cewa yake komai daidai ne, "in ban da" abu kaza, kuma dole ya faɗi abin da dalilinsa.

A ɗauki misali. Kamfani yana da kadara ta naira miliyan 300, a ciki har da dawa da masara na miliyan 40 da aka ce suna sito a Bena. Shekara ta ƙare, rashin tsaro ya hana odita zuwa ya ga ƙirgen buhuna da idonsa, takardun shiga da fitar kaya kuma ba su cika ba. Ba zai ce mai kamfani ya yi ƙarya ba. Zai rubuta cewa lissafin ya inganta, in ban da hatsin nan da bai iya tabbatarwa ba. Haka zai yi idan wani dillali ya gudu da bashi mai yawa, maigida kuma ya ƙi cire shi daga lissafi. Da a ce hatsin ne kusan duk dukiyar kamfanin, sai odita ya ƙi ba da ra'ayi gaba ɗaya, wanda ya fi muni nesa ba kusa ba.

Rahoto mai tsabta ma ba shaidar riba ba ne, kuma ba ya rufe ƙofar zamba. A 2006 aka gano cewa Cadbury Nigeria ya shafe shekaru yana kumbura alkaluman lissafinsa, duk da sa hannun odita. A 2008 hukumar kula da hannayen jari ta ci tarar kamfanin binciken, Akintola Williams Deloitte, naira miliyan 20.

Abin takaici shi ne sau da yawa ana iya kauce wa sharaɗin tun da wuri. Odita yakan sanar da abin da ya dame shi kafin ya sa hannu. A lokacin ne ya kamata mai kamfani ya tambayi hujjar da za ta wadatar, ya nemo rasitai da takardun direbobi, ko ya yarda a gyara adadin. Mai sito a nesa kuma ya shirya ranar ƙirge da oditansa tun kafin shekarar kuɗi ta rufe.