Matakan Fassara Gwajin Iskar Jini ga Ɗalibin Jinya

Ana ɗibar jinin wannan gwaji daga jijiyar da ke ɗauko shi daga zuciya. Ɗalibi zai fara da duba pH, wanda daidaitonsa 7.35 zuwa 7.45 ne, idan ya gaza haka, asid ya rinjayi jini. Sai PaCO₂, iskar da huhu ke fitarwa, mai daidaito 35 zuwa 45 mmHg. Hauhawarta na ƙara asid. Na uku shi ne HCO₃⁻, sinadarin da ƙoda ke tattalawa domin kashe kaifin asid, 22 zuwa 26 mmol/L.

Misali, mai ciwon suga ya zo da pH 7.29, PaCO₂ 26, HCO₃⁻ 12. Asid ya rinjaya, kuma ƙarancin HCO₃⁻ ne ya dace da hakan, don haka matsalar ba daga huhu take ba. Saukar PaCO₂ alama ce ta zurfafa numfashi domin rage asid. Da ta tsaya a 40, da an gane numfashinsa ya fara gazawa.