Riga Ɗaya, Shiga Huɗu: Dabarar Sauya Tufar Sama Kaɗai

Sauya tufar sama kaɗai, wato kwat, falmaran, gyale ko ƙyallen wuya, a bar rigar ciki yadda take, dabara ce da ke sa mai kallo ya ɗauka an canza shiga baki ɗaya. Matafiya da ma'aikatan ofis suna amfani da ita, amma inda aka fi ƙwarewa a kanta shi ne ɗakunan ɗaukar shirye-shiryen talabijin, domin a can ne ake ɗaukar shirin kwanaki da yawa a yini guda. Gasar kacici-kacici ta Amurka mai suna Jeopardy!, wadda aka fara nunawa a 1964, sanannen misali ce: akan ɗauki shiri biyar a rana ɗaya, kuma wanda ya ci wani zagaye yakan je ya sauya kaya cikin 'yan mintuna kafin na gaba, saboda mai kallo a gida ya ga kamar gari ya waye.

Dalilin da ya sa dabarar ke ci yana ga yadda ido ke kallon mutum. Fuska ake fara duba, sai abin da ke kewaye da ita, sai launin da ya fi cika ido. Idan mutum ya sa kwat ya ɓalla maɓalli, abin da ke bayyana na rigar ciki bai wuce kwala, ɗan tsagin ƙirji da bakin hannu ba. Ragowar duk kwat ce. A talabijin kuwa, inda kyamara ta fi ɗauka daga ƙirji zuwa sama, abin ya fi haka sauƙi. Bahaushe ma ba baƙon wannan ba ne: farar 'yar ciki ɗaya takan zauna ƙarƙashin babbar riga iri-iri, kuma mace kan fita da baƙar abaya guda sau da dama, mayafi da ɗankwali ne ke bambanta fitar yau da ta jiya.

Sharaɗin farko shi ne rigar ciki ta zama marar jan hankali. Launi ɗaya ake so, kamar fari, ruwan toka, ruwan madara ko shuɗi mai haske, ba tare da zane ko aikin wuya mai ɗaukar ido ba. Rigar da ke da surfani na musamman ko manyan maɓallai masu ƙyalli takan tona asirin kanta, domin wanda ya gan ta sau ɗaya zai gane ta ko da me aka rufe ta. Masu ɗaukar hoto suna da ƙarin dalilai nasu. Fari tas yakan yi ƙyalli a ƙarƙashin fitilu har ya sa fuska ta yi duhu a hoto, shi ya sa suka fi son shuɗi mai haske. Yadi mai ƙananan layuka kuma yakan riƙa rawa a allo kamar ruwa na motsi, saboda layukan suna karo da ɗigogin da kyamara ke haɗa hoto da su.

Ita kuwa tufar sama, bambancinta da wadda aka cire ya kamata ya fito fili. Cire baƙar kwat a sa shuɗiya mai duhu ɓata lokaci ne, don daga nesa duk ɗaya suke. Abin da ke aiki shi ne a sauya haske da duhu, ko a sauya fasali: daga mai hannu zuwa marar hannu, daga buɗaɗɗen gaba zuwa rufaffe.

A ɗauki misalin mai gabatar da shirin tattaunawa da zai ɗauki kashi huɗu a yini guda, kowanne na minti 25, sanye da kaftani mai launin toka. Ya zo da falmaran ruwan ƙasa, kwat mai haske, kwat mai duhu, babbar riga, da huluna huɗu. Tsarin da ya dace shi ne ya fara da falmaran, domin ita ce ta fi barin kaftanin a waje, hannuwa da hammata duk a bayyane, kuma da safe ne kaftanin ke da sauran guga. Kwat mai haske ta biyo baya, sannan mai duhu, a ƙare da babbar riga wadda ke rufe kusan komai. Hikimar jerin biyu ce: tufa mai nauyi ita ke jawo gumi, kuma ita ke iya ɓoye shi. Wanda ya juya jerin zai isa ga falmaran da shatar gumi a hammata da tamoji a gwiwar hannu, babu abin da zai rufe su.

Akwai kuma batun makirufo, wanda shi ne babban dalilin da ma'aikatan sauti ke ƙaunar wannan dabara. Ƙaramin makirufo ana maƙala shi ne kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, wayarsa ta bi ta cikin riga zuwa na'urar da ke rataye a ƙugu. Idan a jikin rigar ciki aka maƙala shi, ana iya cire kwat a sa wata ba a taɓa waya ba, murya kuma ta ci gaba da fita iri ɗaya a duk kashin. Amma dole a sake gwada sauti bayan kowace sauyi, musamman idan gyale ne ko ƙyallen wuya, domin yadi mai santsi da ke goga makirufo yakan haifar da ƙaraf-ƙaraf da ke da wuyar cirewa wajen tacewa. Ana kuma ɗaukar hoton kowace shiga da waya a rubuta lambar kashin, don idan aka dawo gyara wani wuri kada a ga hula ta canza a tsakiyar magana.

Iyakar dabarar ita ce tana yaudarar ido, ba ta yaudarar hanci. Gumi shi kansa kusan ba ya wari. Ƙwayoyin bakteriya da ke fata ne ke sarrafa gumin hammata su fitar da tsami, kuma rufe jiki da kwat yana ƙara musu ɗumi da laima. Yadin roba ya fi auduga riƙe wannan wari. Saboda haka singileti mai hannu na auduga yana da amfani, don shi ke shan gumin kuma ana iya sauya shi a tsakiyar yini. Kwala ma wurin lura ce, domin nan hoda, man shafawa da maiƙon wuya ke taruwa, kuma kwat ba ta rufe wurin. Wani haɗarin shi ne zubar rini: sabon gyale ko rigar shuni kan bar tabo a farar riga idan jiki ya jiƙe. Ana gane mai zuba ta hanyar goga masa jiƙaƙƙen farin ƙyalle a gefen da ba a gani.

Lokacin hunturu riga ɗaya na iya kaiwa yini cur ba ta nuna gajiya ba, amma a zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, da wuya ta wuce rabin yini a ƙarƙashin fitilu. Shi ya sa ƙwararru ke ɗinka rigar ciki biyu iri ɗaya, yadi ɗaya, ɗinki ɗaya, su sauya a lokacin hutun azahar ba tare da mai kallo ya ga wani bambanci ba.