Sule Goma Sha Biyu a Mako: Gidan da George Stephenson Ya Tashi

Kusan duk tarihin mai ƙirƙira da ya fito daga gidan talakawa yakan soma da cewa an haife shi cikin talauci. Maganar gaskiya ce, amma ba ta gaya wa mai karatu komai, domin talauci iri-iri ne. Akwai na ɗan manomin da ba shi da gona, akwai na maraya, akwai kuma na ɗan leburan da ke da albashi amma bakunan da ke jiransa sun fi ƙarfinsa. Wanda yake son ya san yadda mutum ya taso, sai ya nemi amsar tambaya biyu: nawa ke shiga gidan a mako, kuma da wane aiki uban yake samo shi? George Stephenson, Baturen Ingila da ake yi wa laƙabi da uban jirgin ƙasa, yana cikin 'yan kaɗan da muke da amsar duka biyun a kansu.

An haife shi ranar 9 ga Yuni, 1781, a Wylam, wani ƙauyen masu haƙar kwal a bakin kogin Tyne, yamma da birnin Newcastle. Mahaifinsa, Robert Stephenson, mai iza wuta ne a injin da ke zuƙe ruwa daga ramin kwal. Albashinsa sule 12 a mako. Shi da matarsa Mabel da 'ya'yansu suna zaune a ɗaki guda cikin wani gida da suke rabawa da wasu iyalai. Gidan yana nan har yau.

Dattawanmu ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan kuɗi, domin irinsa aka kashe a Najeriya har 1973: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Sule 12 ke nan kwabo 144. A shekara, in ba a yi fashin mako ko ɗaya ba, fam 31 da sule 4. 'Ya'yan gidan shida ne, da iyaye biyu mutum takwas. In aka raba, kowa ya tashi da kwabo 18 a mako, wato kwabo biyu da rabi da ɗan ɗoriya a rana. A cikin wannan za a ci, a sa sutura, a sayi takalmi da kyandir, a biya mai magani in cuta ta zo.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Sai su ɗauki fam 31 su nemi a juya musu shi zuwa kuɗin yau, a ba su wani adadi, su ce ai ga talauci ko ga wadata. Wannan lissafi ba ya kai mutum ko'ina, saboda abin da iyali ke saya a 1785 ba shi ne abin da ake saya yau ba. Hanyar da ta fi ita ce a auna albashin da abin da ke kusa da shi a zamaninsa. Wani limamin coci, David Davies, ya tattara lissafin shige da ficen gidajen leburorin gona ya wallafa a 1795, Frederick Eden kuma ya fitar da nasa babban binciken kan halin talakawa a 1797. Abin da suka nuna shi ne leburan gona a kudancin Ingila yana samun wajen sule bakwai zuwa tara a mako, kuma mafi yawan kuɗin a abinci yake ƙarewa. Da wannan ma'auni, Robert Stephenson ba ya can ƙasan ƙasa. Ya fi leburan gona, aikinsa ba ya jiran damina ko kaka, domin injin ruwa ba ya hutu: in ya tsaya, rami ya cika. Ban da haka, al'ada ce a mahaƙun wannan yanki a ba ma'aikata wurin kwana da kwal na girki kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan. Don haka gida ne da ake ci a ƙoshi da ƙyar, amma ba a ajiye komai.

Akwai wani gyara da ya kamata a yi wa rabon nan na mutum takwas. Ba a rana ɗaya aka haifi yaran ba. Babban, James, ya girmi George da shekara biyu, autar kuma ta zo lokacin da George ya wuce shekara goma. Kafin bakuna su cika takwas, manyan sun soma kawo nasu. Lokacin da ya fi tsanani shi ne sa'ad da yara huɗu ko biyar suke ƙanana, ba mai kawo ko anini. Wannan ya faɗo daidai shekarun da ya kamata George ya shiga makaranta, kuma bai shiga ba.

Me ya hana? Lissafin ya bayyana shi. Aikinsa na farko kiwon shanun wata bazawara ne a Dewley Burn, inda iyalin suka koma yana ɗan shekara takwas, ladansa kwabo biyu a rana. Kwana shida, sule ɗaya ke nan, kashi ɗaya cikin goma sha biyu na albashin uban. Shekaru bayan haka, da ya shiga makarantar dare, taro yake biya a mako, wato kwabo uku. In muka ɗauki wannan a matsayin mizani, kuɗin makaranta shi kaɗai ba zai karya gidan ba. Abin da ke karya shi shi ne taron da za a biya haɗe da sulen da za a rasa: kwabo 15 a mako a kan yaro ɗaya, fiye da kashi ɗaya cikin goma na abin da uban ke samu. A ninka wannan da yawan yaran. A ganina, wanda ya yi wannan lissafi ba zai zargi Robert da Mabel da rashin son ilimi ba. Ingila ba ta wajabta karatun firamare ba sai 1880, ba a kuma soke kuɗinsa ga mafi yawan yara ba sai 1891. George ya kai shekara 18 bai iya karatu ba, kuma da kuɗin guminsa ya koya.

Albashin uba ya faɗa mana abin da aka hana yaron. Sana'ar uba ita ke faɗa mana abin da aka ba shi, kuma a nan ne labarin ya fi daɗi. Mai iza wuta ba injiniya ba ne. Aikinsa ya zuba kwal a murhu da shebur, ya kwashe toka, ya kula kada wuta ta yi sanyi ko tukunyar ta ƙafe. Amma yana wuni ne a gindin na'urar da ta fi kowace ci gaba a zamanin. Yawancin injinan zuƙe ruwa na yankin irin na Thomas Newcomen ne, wanda aka fara kafawa a 1712: a cika babban bututu da tururi, a fesa ruwan sanyi a ciki, tururin ya koma ruwa, sai nauyin iskar waje ya danna murfin ƙasa, ya jawo wani ƙaton katako mai lilo da ke ɗaga sandar famfo daga cikin rami. Yaron da ya girma yana kai wa ubansa abinci a irin wannan wuri ya san ƙarar injin mai lafiya da ta mai ciwo kafin ya san baƙi ko ɗaya. Ƙari a kan haka, hanyar dogo ta katako, wadda dawakai ke jan kekunan kwal a kanta zuwa bakin kogi, ta gaban ƙofar gidansu na Wylam ta wuce. Injin tururi da layin dogo, abubuwa biyun da ya haɗa daga baya, duk a unguwarsu ya tarar da su.

Sana'ar uban ta kuma ba shi tsani. Daga kiwo ya koma tsintar duwatsu cikin kwal a kan sisi a rana, sannan korar dokin da ke juya injin ɗaga kaya a kan kwabo takwas. Yana ɗan shekara 14 ya zama mataimakin ubansa a kan sule ɗaya a rana. Ba a daɗe ba ya kai sule 12 a mako, daidai da albashin da uban ya riƙe gida da shi. Yana ɗan shekara 17, a ramin Water Row, aka ba shi kula da injin kansa, ubansa yana iza wuta a ƙarƙashinsa. A wannan lokaci ne ya ɗauki al'adar kwance injin yana goge shi yana sake haɗawa a lokacin hutunsa. Ɗan leburan gona a kudu, ko da ya fi George basira, ba shi da inda zai taka wannan tsani.

Sai dai mai karatu ya sani cewa adadin sule 12 da jerin ladan yarinta daga littafin Samuel Smiles suka fito, wanda aka wallafa a 1857, shekara tara bayan rasuwar George a 1848. Smiles ya bi ƙauyukan kwal yana tambayar tsofaffin da suka san iyalin, kuma ɗan George, Robert, ya taimaka masa. Wannan shaida ce mai daraja, amma tunawa ce da abin da ya shekara sittin ko saba'in da wucewa. Smiles kuma mutum ne mai aƙida: shi ne ya rubuta Self-Help a 1859, littafin da ke koyar da cewa ƙoƙarin mutum shi ke ɗaga shi. Marubuci irin wannan yana da dalilin zurfafa ramin da gwarzonsa ya fito. Yadda ake gwada maganarsa shi ne a ajiye ta kusa da shaidun da ba su da wata manufa a labarin: rajistar baftisma ta coci, wadda ke tabbatar da sunaye da shekaru, da littattafan biyan albashi na mahaƙun yankin, waɗanda ke nuna abin da ake biyan mai irin wannan aiki. In marubuci ya ba da adadi bai ce na mako ne ko na wata ba, ko bai ce akwai gida a ciki ba, ko ya manta da ladan yara, to adadinsa bai cika ba.

Raunin irin wannan gida ya fito fili bayan George ya girma. Yana aiki a Montrose ta Scotland, tururi ya fesar wa mahaifinsa a fuska a wurin aiki, ya makance. Babu diyya, babu fansho. Da George ya dawo, ya tarar da bashin wajen fam 15 a kan tsohon, kusan rabin abin da yake samu a shekara lokacin da yake da idanunsa. Ya biya daga ajiyarsa, ya ci gaba da riƙe iyayen nasa.

A 1812, bayan ya gyara wani injin zuƙe ruwa a Killingworth wanda ya gagari masu gyara, aka naɗa shi babban mai kula da injinan mahaƙar a kan fam 100 a shekara, fiye da ninki uku na albashin ubansa. Da wannan, da abin da yake samu a gyaran agogo da takalma da dare, ya sa ɗansa Robert a makarantar John Bruce a Newcastle. Robert ɗin ne ya jagoranci ƙera Rocket, kan jirgin da ya ci gasar Rainhill a 1829.