Alamar rufewa ɗaya da ta haɗiye shafin ɗaliba

A ɗauki misalin ɗaliba mai koyon HTML wadda ta gama rubuta shafinta, da kanun labari da hotuna, ta buɗe shi a burauza ta tarar da shi fari fat. Babu saƙon kuskure, babu ko harafi ɗaya. Ga yadda farkon fayil ɗin yake:

```html
<head>
  <title>Shagon Atamfa
</head>
<body>
  <h1>Barka da zuwa</h1>
```

Abin da ya ɓace shi ne `</title>`. A ƙa'idar HTML, da zarar burauza ta ga `<title>` sai ta daina ɗaukar duk abin da ya biyo baya a matsayin umarni, ta riƙa karanta shi a matsayin rubutu zalla har sai ta ci karo da alamar rufewa. Tunda babu ita, `</head>` da `<body>` da sauran aikin duka sun shige cikin sunan shafin. Shaidar tana can sama, a ɗan wurin da sunan shafi ke fitowa: maimakon sunan shagon kaɗai, za ta ga lambobinta sun jeru a bayansa. Haka `<script>` da `<style>` suke haɗiye shafi idan aka bar su a buɗe, alhali `</p>` da `</li>` ƙa'ida ta yarda a bar su a wurare da yawa. Shi ya sa nake ganin gaya wa ɗalibi "ka rufe kowace alama" bai wadatar ba. Dole a koya masa bin sawun abin da burauza ta fahimta daga rubutunsa.

Wani zai ce laifin burauza ne, da ta tsaya ta faɗi layin da kuskuren yake, da magana ta ƙare. An gwada hakan. XHTML, wanda hukumar W3C ta fitar a 2000, idan aka aiko shi a matsayin XML, kuskure ɗaya kan sa burauza ta nuna gargaɗi maimakon shafin. Wannan ya yi wa mai rubutu daidai, amma mai karatu, wanda ba shi da ikon gyara komai, shi ke kwana a ciki. Don haka HTML5, da aka kammala a 2014, ya tsara dalla-dalla yadda kowace burauza za ta ci gaba da aiki duk da kuskure, ya bar wa marubuci nauyin bincike.

Binciken kuwa ba shi da wuya. Ɗalibar ta danna `F12` ta duba sashen `Elements`, za ta ga `<body>` wayam, `<title>` kuma cike da aikinta. Na'urar tantancewa ta `validator.w3.org` ma za ta kama shi, sai dai a ƙarshen fayil take fara kokawa kan wannan kuskuren, domin a nan ne ta tabbatar alamar ba za ta zo ba. Ɗalibar da ba ta san haka ba sai ta yi ta laluben layin ƙarshe, alhali gyaran yana layi na biyu.