Kofi Biyu, Ƙarfe Biyu: Yadda Ake Lissafin Ƙarfin Batir Daga Hoto

Hoton da ake yawan ba ɗaliban kemistiri kusan iri ɗaya ne, ko a littafi ko a takardar gwaji. Kofuna biyu ne na gilashi a kan tebur. Ɗaya na ɗauke da ruwa shuɗi, an tsoma masa falle na ƙarfe mai ja-ja. Ɗayan ruwansa garau kamar na famfo, da falle mai ruwan toka a ciki. Wata takarda jiƙaƙƙiya ta lanƙwaso daga wannan kofi zuwa wancan, wayoyi biyu kuma sun tashi daga ƙarafan sun shiga mita. Sai a ce: rubuta abin da ke faruwa a kowane kofi, ka lissafa ƙarfin wutar da wannan sel zai bayar.

Mai son amsa daidai sai ya san iyakar abin da hoto zai iya gaya masa. Hoto yana nuna su wane ne a cikin kofunan. Amma wane ƙarfe ne ke sakin ilaktaron, wane ne ke karɓa, wannan ba a fuskar hoto yake ba, yana cikin jadawalin alƙaluma da ake bugawa a bayan littafi.

A fara da launi. Ƙarfe mai ja-ja jan ƙarfe ne, irin wanda ke cikin wayar lantarki idan aka feɗe ta, shuɗin ruwan kuma salfet ɗinsa ne, CuSO₄. Wannan ɓangaren ba ya ba da wahala. Ɗaya kofin ne ke yaudara, domin tutiya, wato zinki, da alminiyom da dalma da azurfa duk toka-toka suke fitowa a hoto, kuma ruwan gishirinsu da ake amfani da shi a ɗakin gwaji duk fari ne tas. Saboda haka a nan a bar dogaro da ido, a nemi rubutun da aka manna a jikin kofi ko bayanin da ke ƙarƙashin hoton. A namu misalin an rubuta ZnSO₄, ke nan fallen tutiya ne. Tutiya da jan ƙarfe su ne sel ɗin Daniell, wanda John Frederic Daniell ya ƙirƙiro a Landan a 1836, aka daɗe ana aiki da shi a wayar tangaraho. Nasa na asali ba kofi biyu ba ne, kuma da fatar maƙogwaron sa ya raba ruwayen biyu; tsarin kofuna da gadar takarda na aji ne, don ɗalibi ya ga kowane ɓangare daban.

Yanzu sai jadawali. Kowane layi a cikinsa rabin lissafi ne, kuma an rubuta su duka ta fuska ɗaya, fuskar karɓar ilaktaron, wadda ake kira ridakshan. Layukan da suka shafe mu biyu ne:

Zn²⁺ + 2e⁻ → Zn  E° = −0.76 V

Cu²⁺ + 2e⁻ → Cu  E° = +0.34 V

Waɗannan lambobi ba a auna su a kan ƙarfe shi kaɗai ba, don mita ba ta iya auna gefe ɗaya, dole sai da abokin gwadawa. Masana sun amince a ɗauki iskar haidurojin a matsayin sifili, 0.00 V, a riƙa haɗa kowane ƙarfe da ita ana rubuta abin da ya fito. 'Yar da'irar da ke saman E tana nufin an yi awon ne a ƙayyadadden yanayi: kaurin ruwa mol 1 a kowace lita, matsin iska ba 1, zafi kuma yawanci digiri 25. Ma'anar lambar mai sauƙi ce. Gwargwadon girmanta ta ɓangaren tarawa, gwargwadon kwaɗayin wannan ayon na karɓar ilaktaron ya koma ƙarfe.

To, ba zai yiwu su biyun duka su karɓa ba, sai ɗaya ya bayar. Tunda +0.34 ya fi −0.76, jan ƙarfe ne zai karɓa, layinsa kuma ya zauna yadda yake a jadawali. Tutiya ce za ta bayar, don haka a juya nata layin. Sakin ilaktaron shi ne oksideshan, inda yake faruwa kuwa shi ne anod. Inda ake karɓa shi ne katod.

Anod: Zn → Zn²⁺ + 2e⁻

Katod: Cu²⁺ + 2e⁻ → Cu

Ilaktaron biyu aka saki, biyu aka karɓa, sai su soke juna idan aka haɗa layukan:

Zn + Cu²⁺ → Zn²⁺ + Cu

Da za a bar sel ɗin yana aiki na tsawon lokaci a sake ɗaukar hoto, za a ga shaidar wannan lissafi ƙiri-ƙiri: fallen tutiya ya zaizaye, na jan ƙarfe ya yi sabon ɓawo ja ya ƙara nauyi, shuɗin ruwan kuma ya koɗe, domin ayon ɗin Cu²⁺ da ke ba shi launi sun ragu.

Ƙarfin sel shi ne tazarar da ke tsakanin lambobin biyu:

E°(sel) = E°(katod) − E°(anod) = (+0.34) − (−0.76) = +1.10 V

A nan ne mafi yawan maki ke zubewa, kuma dalilin abin tausayi ne: ɗalibi ya koyi hanyoyi biyu masu kyau, ya cuɗa su. Wasu malamai na koyar da cewa idan ka juya layin tutiya ka juya alamarsa ta zama +0.76, sannan ka tara da +0.34. Wasu kuma na koyar da ɗebewa kamar yadda na yi a sama, inda ake ɗauko lambobin yadda suke a jadawali ba a taɓa su ba. Kowace hanya 1.10 take bayarwa. Wanda ya juya alama kuma ya sake ɗebewa, shi ne zai sami 0.34 − 0.76, wato −0.42, amsar da masu duba takardun jarrabawa suka saba gani. Ni na fi son hanyar ɗebewa, don mutum ba ya taɓa komai a jadawali, ke nan wurin kuskure ya ragu. Kuma akwai ma'auni a hannu: sel da ke ba da wuta da kansa amsarsa ta ɓangaren tarawa take fitowa. In ta fito da alamar ɗebewa, ko an musanya anod da katod, ko an juya alama sau biyu.

Kada kuma a ruɗu da hagu da dama. A rubutun taƙaice, Zn | Zn²⁺ || Cu²⁺ | Cu, al'ada ce a sa anod a hagu, layi biyu na tsakiya kuma su ne gadar gishiri. Amma wanda ya jera kofuna a tebur babu ruwansa da wannan al'ada, kuma mai hoton yana iya tsayawa ta kowane gefe.

Bari mu sauya kofi ɗaya, don a ga ba halin jan ƙarfe ba ne ya riƙa karɓa kullum. A cire tutiya, a kawo fallen azurfa a cikin ruwan AgNO₃. Jadawali ya ce:

Ag⁺ + e⁻ → Ag  E° = +0.80 V

Yanzu +0.80 ya fi +0.34, sai azurfa ta zama katod, jan ƙarfe ya koma mai bayarwa: Cu → Cu²⁺ + 2e⁻. A wannan karon shi ne zai zaizaye, ruwansa kuma ya ƙara shuɗi. Sai dai jan ƙarfe na sakin ilaktaron biyu, azurfa kuwa ɗaya take karɓa, don haka a ninka layinta sau biyu, 2Ag⁺ + 2e⁻ → 2Ag, a samu:

Cu + 2Ag⁺ → Cu²⁺ + 2Ag

Hannu yakan so ya ninka 0.80 ɗin ma ya zama 1.60. Ba a yin haka. Bolt awo ne na kuzarin da kowane gwargwado ɗaya na caji ke ɗauke da shi, ba jimillar kuzarin ba, kamar dai farashin mudu: don ka auni mudu biyu kuɗin da za ka biya ya ninka, amma farashin mudu yana nan yadda yake. Amsar ita ce 0.80 − 0.34 = +0.46 V. A kula kuma da layin da ake ɗauka, don jan ƙarfe yana da wani layin a jadawali, Cu⁺ + e⁻ → Cu, mai +0.52 V. Shuɗin ruwa na Cu²⁺ ne, saboda haka +0.34 ne namu.

Ita gadar gishiri ba ta shiga lissafi, amma in babu ita ba za a sami wuta ba. Yayin da tutiya ke narkewa, kofinta na cika da caji na tarawa, ɗayan kofin kuma na rasa nasa, kuma nan take wannan rashin daidaito zai tsayar da komai. Takardar da aka jiƙa da ruwan KNO₃ ita ke gyara lamarin: ayon ɗin NO₃⁻ su gangara kofin anod, na K⁺ su nufi na katod. Ilaktaron ta waya suke bi, ba ta gada ba. A sel mai azurfa ba a jiƙa gadar da KCl, domin kuloraid na haɗuwa da azurfa ya yi farin gari, AgCl, ya rage ayon ɗin azurfa a ruwan, awon ya lalace.

Idan fuskar mitar ta fito a hoton, to an samu abin gwada amsa. Mita mai nuna −1.10 ba ta ce lissafi ya ɓaci ba. Jar waya ce aka maƙala wa tutiya, baƙar da ke ramin COM aka kai wa jan ƙarfe. Wannan ma hanya ce ta gane anod da katod in babu jadawali: idan lambar ta fito ba alamar ɗebewa, ƙarfen da jar waya ke kai shi ne katod. Mita mai nuna 0.00 ko lamba mai yawo kuwa, a duba ko gadar ta bushe, ko bakinta bai taɓa ruwa ba, ko waya ta saki.

Abin da aka fi gani shi ne lamba kusa da 1.10 amma ƙasa kaɗan. Wani lokaci dauɗa ce a jikin ƙarfen da ba a goge da sanfefa ba. Alminiyom ya fi kowa wannan hali: jadawali ya ba shi −1.66 V, amma siririn ɓawon oksaid da ke rufe shi yakan sa mita ta nuna ƙasa da lissafi sosai. Wani lokaci kuma kaurin ruwan ne ba na ƙa'ida ba, abin da hoto ba ya nunawa sai in an rubuta a jikin kofi. Lissafin Walther Nernst na 1889 shi ke kula da wannan, kuma a digiri 25 ga yadda yake:

E = E° − (0.0592/n) log Q

A nan n shi ne yawan ilaktaron da aka yi musaya, wato 2, Q kuma kaurin Zn²⁺ ne a raba da kaurin Cu²⁺. A ce ruwan tutiya mol 1 ne, na jan ƙarfe kuma an tsarma shi har ya koma mol 0.01. Q ya zama 100, log ɗinsa 2, abin da za a cire kusan 0.06 ne, sai mita ta nuna 1.04 V. An tsarma ruwa har sau ɗari, amma abin da ya ragu bai kai kashi shida cikin ɗari na ƙarfin ba. Don haka idan mitar da ke hoton ta nuna rabin abin da aka lissafa, kada a ɗora laifin a kan kaurin ruwa. A koma a sake karanta rubutun jikin kofi, wataƙila fallen mai ruwan toka dalma ce, mai −0.13 V, wadda haɗinta da jan ƙarfe 0.47 V kawai yake bayarwa.