Takalmin Ango: Yadda Ake Zaɓen Wanda Ba Zai Ci Ƙafa Ba

Takalmin ango yana yin aiki iri uku a ranar biki. Da safe ana cire shi a ƙofar masallaci ko bakin tabarmar ɗaurin aure, a sake sanya shi cikin cunkoso. Da rana ango yana tsaye a kansa yana gaisawa da jama'a ana ɗaukar hotuna, ya kuma durƙusa da shi gaban surukai da dattawa. Da dare kuma, idan akwai dina, da shi zai taka rawa a kan tayil mai santsi. Takalmin da ya yi kyau a kanti bai zama lallai ya iya waɗannan ayyuka ba, don haka daga ƙafa ake fara zaɓe kafin a kai ga ado.

Abu na farko shi ne awo. Ƙafar mutum tana ɗan kumbura idan ya daɗe a tsaye, musamman lokacin zafi, saboda jini da ruwan jiki suna taruwa a ƙasa. Takalmin da aka gwada da sanyin safiya ya zauna cif, zuwa la'asar sai ya fara matsi. Saboda haka da yamma ake zuwa sayen takalmin biki, bayan an yi zirga-zirgar yini, kuma da irin safar da za a sanya ranar. A tsaye ake gwadawa, ƙafa biyu duka, domin yawancin mutane ƙafarsu ɗaya ta ɗan fi ɗaya girma, kuma babbar ake yi wa awo. Tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi ana barin fili kamar faɗin babban yatsan hannu, wato santimita 1 zuwa 1.5.

Lambar da ke ƙasan takalmi jagora ce kawai. A lissafin Turai, wanda aka fi sani a kasuwanninmu, tazarar lamba ɗaya da ta gaba kashi biyu cikin uku ce ta santimita. Misali, ango ya taka takarda da yamma aka zana ƙafafunsa, ta dama ta ba da santimita 26.5, ta hagu 27. Ta hagu za a ɗauka, a ƙara mata santimita 1.5 na filin yatsu, ya zama 28.5. Idan aka ninka wannan sau ɗaya da rabi za a sami 42.75, wato lamba 43 ke nan, wadda ta yi kusa da lamba 9 a lissafin Ingila. Da wannan ango ya saba sayen 42 don ta dama ta yi masa daidai, to ta hagu ce za ta sha wahala a ranar. Duk da haka 43 na wani kamfani ba ya zama daidai da na wani, kuma ɗinkin Aba ko na dukawan Ƙofar Wambai a Kano yana da nasa ƙalubin, don haka lissafi ba ya hana gwaji. Wanda zai ba da ɗinki ya kai wa baduku zanen ƙafafun biyu, ya bari a auna masa faɗi da tudun ƙafa.

Bayan tsawo sai faɗi, kuma a nan takalma masu tsinin baki suke cutar angwaye. Inda ƙafa ta fi faɗi shi ne gindin yatsu, kuma dole wurin ya faɗa daidai inda takalmin ya fi faɗi. Idan ƙaramin yatsa yana tura fata waje, ko yatsu ba sa iya motsi, takalmin ya yi ƙunci. Masu kanti sukan ce zai buɗe, kuma akwai gaskiya kaɗan a ciki: fata ta ainihi tana ɗan saki ta gefe, amma ba ta ƙara tsawo. Mai ƙyalli da aka yi wa rufin roba da kuma fatar jabu kusan ba sa saki, ba sa kuma shan iska, sai gumi ya taru ƙafa ta riƙa zamewa a ciki, daga nan bororo ke fitowa. Ana gane fata ta ainihi da ƙanshinta, da ƙananan ƙofofin da ke jikinta, da yadda take tattarewa a hankali idan an danna ta.

Ƙasan takalmi shi ne ke ɗaukar nauyin tsayuwa da rawa. Idan aka lanƙwasa shi da hannu, ya kamata ya karya a gindin yatsu, inda ƙafa take karyawa wajen tafiya da durƙuso. Wanda ya ƙi lanƙwasuwa zai sa dunduniya ta riƙa ficewa, wanda kuma ya naɗe a tsakiya kamar silifas ba zai tallafi tafin ƙafa ba. Tudun dunduniya na santimita 2 zuwa 3 ya isa, domin wanda ya wuce haka yana tura nauyi kan yatsu. Ƙasan fata yana da daɗin juyi wajen rawa, amma sabonsa yana da santsi a kan tayil, balle inda aka zubar da lemo ko aka yi liƙi kuɗi suka baje. Maganinsa a goga shi da sanfefa ko a taka shi kan siminti, ko a kai wa mai gyaran takalmi ya liƙa siririyar roba a gaba. Idan za a ƙara shimfiɗar soso a ciki, a gwada takalmin da ita tun a kanti, domin tana cin wuri.

Sai batun samfuri. Mai igiya ya fi riƙe ƙafa, kuma ana iya sassauta shi idan ƙafa ta kumbura, sai dai kwance shi da ɗaure shi a ƙofar masallaci cikin babbar riga aiki ne. Sau-ciki marar igiya ya fi sauƙin cirewa, amma tunda ba a iya ɗaure shi, dole ya kama dunduniya tun farko ba tare da ya ci ta ba. Mai buɗaɗɗen baya, wanda ake yawan sawa da kaftani, yana da kyau da zama da alwala, amma yatsu ne suke ƙanƙame shi don kada ya fice, kuma bayan awanni wannan yana gajiyar da tafin ƙafa da ƙwauri. Shi ya sa raba aiki ya fi: mai sauƙin cirewa a ɗaurin aure, mai rufaffen baya a dina. Sauyin yana ba ƙafa hutu, domin kowane takalmi da inda yake dannawa.

Sabon takalmi ba a fara sa shi ranar biki. Ana sayensa da saura mako biyu ko uku, a riƙa sa shi a gida da safa, daga rabin awa zuwa awa biyu a rana, ana tafiya, ana durƙuso, ana hawa matakala. Idan aka cire aka ga wuri ya yi ja ko yana zafi, nan ne bororo zai fito. Idan matsin ta gefe ne, mai gyara zai iya buɗa shi da katakon ƙalubi ya kwana a ciki, man takalmi kuma yana tausasa bakin dunduniya. Idan yatsa ne ke taɓa gaba ko ƙafa tana yin sanyi da mutuwa, babu gyara sai canji. A wannan lokacin ne kuma ake kai takalmin wurin tela don a yanke tsawon wando a kansa.

A ranar, safar auduga ko ulu marar kauri ta fi ta nailan shan gumi, kuma ana yanke farce kwana biyu kafin nan. Filasta ana manna ta a wurin da aka san yana gogawa tun kafin ciwo ya fito, a bar wa babban aboki ragowar da safa ta canji. Ango mai ciwon sukari yana bukatar ƙarin kula, domin ƙafarsa ba lallai ta ji gogar takalmi ba, kuma ƙaramin rauni yana daɗewa bai warke ba, don haka ya duba ƙafafunsa da ido duk lokacin da ya cire takalmi don salla.